Rabin Allon Alhaji Garzali

A tallar sabulu Alhaji Garzali ya ga abin. An raba allon talabijin gida biyu, a hagu riga ce da ta sha manja, a dama rigar ce dai amma fara ƙal. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa haka za a nuna aikinsa na shugaban ƙungiyar manoman rani ta Ɗorawar Sale. Matsala ɗaya ce kawai, ba a yi aikin ba.

A damunar 2007 wata ƙungiyar tallafa wa manoma ta aiko da katafila mai haƙa, aka ce ta yi mako guda tana yashe kanal ɗin ƙauyen, wanda ciyawar kacala ta shaƙe har ruwa ya daina kaiwa gonakin ƙarshe. Katafila ta yi makonta cif, ba ta huta ba ko yini ɗaya. Sai dai a bayan gidan Alhaji ta yi shi, inda yanzu akwai tafkunan kifi guda uku. To ga shi masu katafila sun aiko cewa suna tafe ganin aiki. Alhaji ya san su sarai: mutanen birni ne masu tsoron taɓo, in aka ba su kujera da lemo mai sanyi da talabijin, ba mai tambayar hanyar gona.

Shi ya sa ranar wata Talata ya faka motarsa a ƙofar shagon Maharazu da ke Kura. Maharazu ɗan ƙauyen ne, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu, yana da kyamara ɗaya da kwamfuta mai kukan injin niƙa. Yana kuma da rabin eka na tumatir da ya gada, a can ƙarshen kanal, inda rabonsu da ruwan kirki tun bara.

"Ɗan Malam," in ji Alhaji, ya zauna ba a ce ya zauna ba, "kana da kaset ɗin gayyar nan ta shekarun baya?"

Yana da shi mana. A 2003, da sabuwar kyamararsa, ya ɗauki ranar da mahaifinsa, Malam Safwan, ya tara mutanen ƙauye da lauje da shebur suka yashe kanal da hannu. Malam ya rasu shekara biyu bayan nan. Maharazu bai cika kunna kaset ɗin ba, don ba ya iya kallonsa har ƙarshe.

"To wannan shi ne bayan aiki," in ji Alhaji. "Gobe ka zo ka ɗauki kanal yadda yake yau, shi ne kafin aiki. Ka jera min su kamar na masu sabulu."

Maharazu ya dube shi. "Alhaji, wato jiya ce za ta zama yau, yau kuma ta koma jiya?"

"Kai dai ka jera. In baƙi sun tafi lafiya, zan ara maka injin ban ruwa har ka cire tumatirinka. In kuma ka fi son jiran ruwan kanal, ai makullin ƙofar ruwa yana hannuna, ka san layi da tsawo."

Abin ya yi wa Maharazu ciwo ƙwarai. Ya san in baƙin nan suka yarda an yi yashe, za su cire Ɗorawar Sale daga jerin masu jiran katafila, kacala kuwa ta ci gaba da mulkinta. Amma tumatirinsa ya fara lanƙwashe kai, kuma ba shi da ƙarfin ja da mai makulli. Ya ce to.

Washegari da hantsi ya kafa kyamara a kan 'yar gadar siminti, daidai inda ya tsaya shekara huɗu baya. Sai da ya yi ta matsar da ƙafafun kyamarar har bakin kanal da bishiyar mangwaron nesa suka zauna inda suke a tsohon kaset, domin in ba daga wuri ɗaya aka ɗauki hotunan biyu ba, mai kallo zai ce kanal biyu ne daban. Alhaji ya shigo gaban kyamara cikin babbar riga mai aska takwas, ya nuna kacala da sandarsa kamar yau suka fara haɗuwa, ya buɗe baki. Ya yi maganar halin da ya samu talakawa a ciki, da baccin da ya kasa yi saboda su, da yadda ya ce ko ya mutu sai ruwa ya kai gonar ƙarshe. Minti uku da 'yan daƙiƙu bai haɗiyi yawu ba.

A shago Maharazu ya zuba hotunan biyu cikin kwamfuta, ya ɗora su layi biyu, ɗaya a bisa ɗaya. Ya datse gefe da gefen na sama har ya rage rabin faɗinsa, ya tura shi hagu. Na ƙasa ma ya datse shi, ya tura shi dama, ya ja siririn farin layi a tsakani. Sai ga kanal ɗaya ya zama biyu: a hagu Alhaji da dajin kacala, a dama ruwa yana gudu fes. Alhaji, da ke tsaye a bayansa yana numfashi a ƙeyarsa, ya yi kabbara.

"Kwanan watan fa?" Ya nuna ƙasan kusurwar dama, inda tsohuwar kyamara ta buga 2003.

Maharazu ya ɗora baƙin zane a wurin, ya rubuta BAYAN AIKI a kai. A hagu ya rubuta KAFIN AIKI. Ya kashe sautin ɓangaren dama, domin in aka bar biyun tare hayaniya za su zama. Alhaji ya ce dama muryarsa kaɗai ake buƙata.

"Saura abu ɗaya, Alhaji. Dole tsawonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai ƙare ya bar rabin allo baƙi. Inda ruwa yake shi kaɗai a tsohon kaset daƙiƙa arba'in ne. Jawabinka ya haura minti uku. Ko dai in rage jawabin..."

"Ka rage me? Ko wasali kada ka taɓa."

"To in daskarar da hoton ruwan, ya tsaya cak har ka gama."

"Su ce ruwan ba ya tafiya? Kana da hankali kuwa?"

"Ko in yi ta maimaita daƙiƙa arba'in ɗin. Amma akwai mai keke da ya gifta, zai gifta sau biyar."

Alhaji ya yi tsaki. "Wai kaset ɗin ƙarewa ya yi? Ka sake shi ya tafi mana."

"Akwai mutane a gaba, Alhaji."

"Ai mutanen ake so! A ga jama'a suna murna da aikina."

Maharazu ya mayar da hannunsa kan linzamin kwamfuta. Ya dai faɗa masa, Allah shaida ne ya faɗa. Ya ja tsohon hoton har ya kai tsawon jawabin, ya bar kwamfuta ta kwashe kusan awa biyu tana haɗawa. Da ta gama ya kunna wa Alhaji daga farko har ƙarshe, sau biyu. Mutum ido biyu gare shi amma wuri ɗaya yake kallo, Alhaji kuwa tun da ya ga kansa a hagu bai ko waiga dama ba. Gyara ɗaya ya nema, wai hularsa ta ɗan karkace, ko kwamfuta za ta iya miƙe ta. Aka buga a faifan CD, ya saka a aljihu ya tafi.

Ranar Alhamis bayan azahar aka taru a ajin firamare. An ɗora talabijin a kan tebur, janareta yana ta faman tari a waje. Baƙi uku ne, shugabarsu wata Hajiya Kubra mai tabarau da farin takalmi. Maza sun cika benci, mata sun tsaya ta tagogi, cikinsu har da Iyatu, mahaifiyar Maharazu, wadda ta zo ne kawai don an ce aikin ɗanta za a nuna.

Daƙiƙa arba'in na farko sun tafi yadda Alhaji ya so. Hajiya Kubra tana gyaɗa kai tana rubutu. Manoman gonakin ƙarshe suna kallon ruwan dama kamar masu azumi a gaban randa, ba wanda ya ce uffan, don kowa ya san mai makulli.

Sai kyamarar dama ta ɗan juya, mutane suka shigo da lauje da kwanduna. A gabansu wani dattijo ne siriri, wando a naɗe har gwiwa, taɓo har ƙirji. Ya fito daga cikin ruwa rungume da damin kacala, ya jefar a gefe, ya juyo ya kalli kyamara yana dariya, bakinsa yana motsi ba sauti. A daidai lokacin Alhajin hagu yake cewa, "Ni kaɗai na tsaya, ba wanda ya taya ni."

Wani tsoho a benci na biyu ya ce, "Allahu akbar," a hankali, ya sunkuyar da kai. Maharazu yana tsaye kusa da talabijin. Ya san abin da bakin nan yake faɗa, shi ake ce wa ya ajiye wannan abin wasan, wato kyamara, ya zo ya kama aiki.

Hajiya Kubra ta ɗaga biro. "A tsayar da shi a nan. Alhaji, ina katafilar da muka aiko? Na ga da hannu ake yi. Kuma wane ne wannan bawan Allah? Ina so in gaishe shi."

Alhaji ya juya, a karo na farko ya kalli rabin allon da ba shi a ciki.

Daga taga muryar Iyatu ta shigo, ba ta ko ɗaga ta ba. "Mijina ne, Hajiya. In gaisuwa za ki yi, yana maƙabartar gabas, shekararsa biyu a can. Ban dai san Garzali ya taso shi ya yi masa kwangila ba."

Wani ya fashe da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Hajiya Kubra ta cire tabarau, ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ce ashe ma bishiyar mangwaron bayan aiki ta fi ta kafin aiki ƙanƙanta. Ta rufe littafinta ta tambayi hanyar kanal. Alhaji ya ce akwai taɓo sosai. Ta dubi farin takalminta, ta ce a je a haka. Manoman gonakin ƙarshe suka yi ta rige-rigen nuna mata hanya, wani ma ya ce in an dawo akwai tafkunan kifi masu kyau da ya kamata baƙi su gani.

Maharazu bai bi su ba. Ya san injin ban ruwa ya tafi ke nan, tumatirin bana kuma sai yadda Allah ya yi, amma sunan ƙauyen bai fita daga jerin katafila ba. Yana naɗe waya sai ga Iyatu ta shigo ajin, ta tsaya gaban talabijin, inda hoton yake tsaye a kan fuskar Malam.

"Maharazu, ana iya cire wancan rabin?"

"Ana iyawa, Inna."

"To ka cire min Garzali, ka bar min babanka ya cika allon. Kuma ka mayar masa da muryarsa, ina so in ji me yake cewa."