Takardar Neman Sassauci ta Mailafiya

Tun ranar da wutar lantarki ta ƙona injin ɗakin sanyinsa a unguwar Oloumi ta Libreville, kaji da kifi suka ruɓe aka kwashe su a baro, Mailafiya bai ƙara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba. Wata biyu ke nan bai biya bashin da ya ci a wani ƙaramin banki ba, ga takardar gargaɗi ta iso. Motar da yake kai kaya garin Ntoum da ita, ita ce jingina. In aka ɗauke ta, shi ke nan.

Ya sa wani mai rubuta wasiƙu a bakin kasuwa ya tsara masa roƙo da Faransanci, ya kai wa 'yarsa Aïssata, wadda ke aikin akanta a wani kantin magani, ta duba.

Ta karanta, ta ɗago. "Baba, wace kwantenar kaya ce aka rubuta nan cewa tana tafe?"

"Haka ake cewa."

"Za su nemi takardar jirgi. In babu fa? Kuma ka ce za ka biya duka ƙarshen wata. Da me?"

Ya fashe da faɗa. Shekara ashirin yana kasuwanci a Libreville, yau ya rubuta da hannunsa cewa ya karye? Ya zauna a kan kwali, ya riƙe kai. "In suka ji gaskiya, gobe za su zo da motar ja."

"In suka kama ƙarya, yau za su zo."

Ta jawo kwamfuta. Ta share kirarin da aka yi wa manajan bankin, ta share rantsuwa da batun yara masu yunwa. Ta sa lambar yarjejeniya, ranar da injin ya ƙone, da abin da ake bin sa. Sannan ta tambaye shi nawa motar ke kawowa bayan mai da cefane.

"Rubuta dubu ɗari biyu."

"Baba."

Ya rage murya. "Ɗari da ashirin."

Hakan ta rubuta: sefa dubu ɗari da ashirin duk wata maimakon ɗari biyun da yake biya a da, a ɗaga masa ƙafa wata uku, a tsawaita wa'adi. Suka haɗa da hotunan kayan da suka lalace da lissafin mai gyara. Ya sa hannu.

Ya kai takardar banki da kansa, aka buga wa kwafinsa hatimi. Kwanakin da suka biyo baya, duk motar da ta tsaya ƙofar shago sai ya leƙa ya ga ko motar ja ce.

Da aka kira shi, jami'ar bankin ta ce kwamiti ya amince da sabon adadin, amma ɗaga ƙafar wata ɗaya ce kawai, kuma tsawaitawar za ta ƙara masa kuɗin ruwa. Ya karanta, ya sa hannu. A bakin titi ya tsaya ya kira Aïssata, ta ɗauka, ya ce mata motar ta tsira.