Takalmin Mai Dakon Nama

Muntaka shi ke dakon nama a babur daga kwata zuwa kasuwar Garwa, kuma da silifa yake hawa. Ran nan da damina ya sauke ƙafa a jiƙaƙƙiyar kwalta, silifar ta zame, nama ya sha laka. Sarkin Fawa, shugaban mahauta, ya ce, "In aka kuma, wani zan ba dakon."

Yana ɗingishi ya nufi rumfar Baba Adamu mai gwanjo, ya zaɓo wani takalmi mai sheƙi. Tsohon ya kwarara ruwan buta a siminti ya ce, "Sa ka taka." Da takawa sai ga Muntaka rungume da ginshiƙi.

"Kyan ɗan maciji ke nan, ɗana."

Baba Adamu ya tono wani tsohon takalmi mai dogon wuya, ƙasansa roba mai zurfin zane. Ya murɗa wuyan, ya ƙi lanƙwasa. "Wannan zai riƙe maka idon sawu."

Muntaka ya juya shi yana mamaki. "Baba, me ya sa aka ninka fata a saman na hagu? Aibi ake ɓoyewa?"

"Da wace ƙafa kake ɗaga giya?"

Muntaka ya dubi baƙar kantar da giya ta yi masa bisa babban yatsansa na hagu, ya ciro kuɗi ya biya.

Washegari aka kwana ana ruwa. Sarkin Fawa ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce wa mahauta, "Ku ɗora masa cinyoyin nan."