Ranar da Wata Shida Ya Cika

Kunya ce ta cuci Afra'u, kuma ba wanda zai ce mata ba ta kyauta ba, don haka aka tarbiyyantar da ita: cikin fari ba a faɗinsa.

Shekararta biyu tana ɗinke bakin buhu a wani injin gyaran shinkafa da ke Rano. Da laulayi ya kayar da ita, sai ta ga ina ita ina tsayawa gaban Malam Shitu, magatakardan wurin, sa'an babanta, ta ce masa ciki ne da ita. Ta kwanta a ɗaki wata guda, ba takarda ba aike. Aka cire sunanta. Da ta miƙe ta koma ta ba da haƙuri, aka sake ɗaukarta a matsayin sabuwa. Har godiya ta yi, baiwar Allah, ba ta san abin da ta zubar ba.

Ciki ya shiga wata na bakwai, mayafi ya gaza rufe shi. Mijinta Munzali direban tirela ne, ya fi kwana a hanyar Kudu fiye da gida, motar ma ga ta can ta lalace, aike ya tsaya. Sai ga Gwaggo Indo, ƙanwar babanta, ta zo daga garinsu Fassi don tafiya da ita goyon ciki. Ta ce Inna, mahaifiyar Afra'u, ta share ɗaki, ta tara itacen wankan jego.

Dole Afra'u ta shiga ofis, kanta a sunkuye. Malam Shitu bai ɗago ya kalle ta ba shi ma, littafi ya buɗe. Ya ce hutun haihuwa mako goma sha biyu ne, shida kafin a sauka, shida bayan an sauka, da takardar likita. Kuma ana biyan rabin albashi, wato dubu talatin da biyar a wata cikin dubu saba'in ɗinta. Amma sai wadda ta yi wata shida a jere tana aiki kafin ta tafi.

Ta ce a hankali ai shekararta biyu.

"Da kin kawo takardar likita wancan karon, da haka ne," in ji shi. "Yanzu daga ranar da aka sake ɗaukarki ake ƙirgawa. Saura mako shida. In kika tafi yau hutu kam kina da shi, amma ko sisi babu."

Ta fito ta faɗa wa Gwaggo ba za ta bi ta ba tukuna. Gwaggo ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce to lallai, an zo zamanin da ake zaɓen albashi a bar uwa. Ko ruwa ba ta sha ba ta nufi tasha. Daga ranar Inna ta daina ɗaukar wayarta.

Ta yaya Afra'u za ta ce hatsin da ake ci a gidan Fassi da kuɗin ɗinkin buhu ake saye, alhali babanta na tsammanin kowa bai sani ba?

Kaɗaici ya dame ta ƙwarai. Ta dafa abinci ta ci ita kaɗai, ta wanke kwano ɗaya. Da ƙafafunta suka kumbura, wannan karon asibiti ta tafi. Likita ya rubuta mata hutu, Malam Shitu ya ce kwanan aiki goma sha biyu ne kacal a shekara ake biyan mai jinya, albashi cikakke amma ban da kuɗin mota da na ƙarin lokaci. Ta cinye su tas a kwance tana kallon rufin kwano, sunanta dai na nan a littafi. Ran na sha uku ta ja ƙafa ta koma.

Ranar da wata shida ke cika, Laraba ce. Tun da hantsi bayanta ya fara ɗaurewa yana saki. Ba ta gaya wa kowa ba. In ya taso ta dafa buhu, in ya lafa ta ci gaba da ɗinki. Ana tashi bayan la'asar ta shiga ofis, gumi ya jiƙa mayafinta, ta ajiye takardar likita a kan tebur.

"Malam, ciki ne da ni," ta ce. "Kuma ina jin yau ne."

Ya sa hannu a takardar, ya fita da kansa ya tsayar mata da adaidaita sahu.

Kafin magariba ta haihu a asibiti, mace. Nas ta naɗe jaririyar a zane, ta leƙa baranda ta dawo, ta tambaya wa ya zo da ita, a miƙa masa. Afra'u ta ce mai adaidaita ne, kuma ya tafi.

Ta karɓi 'yarta da kanta. Da ɗaya hannun ta lalubo waya ta kira Inna, ta kara a bakin jaririyar da ke tsala kuka, ko da za a ɗauka.