Tuwon Sahur na Farko

Tun ana saura kwana uku Sha'aban ya kai ashirin da tara Kulu ta fara shiri. Ta surfa gero ta wanke ta shanya, ta ɓarza wake ta sheƙe dussarsa, ta daka citta da kanumfari da masoro ta ƙulle a leda. Matar ɗanta, Luba, ita ke biye da ita da ƙwarya da faifai. Watan Luba huɗu a gidan. A birni ta tashi, a Rijiyar Zaki, kuma wannan ne azuminta na farko a ƙauye. Mijinta Muntaka yana tuƙa adaidaita a Ungogo, sai ƙarshen mako yake zuwa gida.

Shekarar ta yi tsanani. Tun da mai ya yi tsada komai ya bi shi, gidaje da yawa sun manta rabonsu da shinkafa. Duk da haka ƙauyen ya cika da ɗoki. Mata na leƙa juna ta katanga suna tambayar wa ta gama surfe, maza sun share masallaci sun kakkaɓe tabarmi.

Ranar ashirin da tara Malam Nababa, mijin Kulu, ya ɗaure kaji biyu a bayan keke ya tafi kasuwar Rimin Gado. Sai la'asar ya dawo, ya sauke kaya a tsakar gida: tsamiya, dabino kaɗan, man gyaɗa rabin kwalba, gishiri, daddawa, da mazarƙwaila curi uku.

"Ina sukarin, Malam?" in ji Kulu.

"Na taya, na ajiye musu abinsu. Da mazarƙwaila iyayenmu suka sha kunu, kuma sun yi azumi lafiya."

Kulu ta yi dariya ta kwashe kayan. Sannan ta gaya masa abin da ke damunta. Garin tuwo ya ƙare, dawar da ta surfa kuma tun safe tana wurin Sabo mai injin niƙa. Man injinsa ya ƙare, ya rufe ya tafi nema, ya ce sai gobe.

"Goben ma ta isa," in ji Malam. "Bara Sha'aban ashirin da tara ya yi, jikina yana ba ni bana sai ya cika talatin."

Bayan magariba mutane suka fito bayan gari suna duban yamma, ba wanda ya ga komai. Malam ya zauna da rediyonsa a ƙofar ɗaki. Ana dab da kiran isha'i aka katse shiri, aka ce an ga wata a garuruwa da dama, sanarwa ta fito daga Sakkwato, gobe ɗaya ga Ramadan.

Kafin mai sanarwar ya rufe baki guɗa ta tashi daga maƙwabta. Luba ta fito da gudu daga ɗaki ɗankwali a hannu, ta rungume Kulu, sannan ta tuna surukarta ce, ta sake ta cikin kunya. Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'ar Allah ya sa a gama lafiya, ya ɗauki buta zai tafi asham, yana kauce wa idon matarsa.

"Malam, da jikin naka za mu yi sahur?" in ji Kulu.

Malam ya yi murmushi ya fita. Amma kafin ya wuce masallaci ya biya ta gidan Sabo, ya sa aka buɗe rumfar injin, ya ɗauko musu ƙwaryar dawarsu.

Kulu ta jawo turmi. Ba ita kaɗai ba ce, don rabin ƙauyen dawarsu na wurin Sabo. Bayan isha'i ko'ina sai ƙarar taɓarya kake ji, wasu har da luguden da aka daɗe ba a ji ba. Luba ta karɓi taɓarya ɗaya da ƙarfinta. Ba a yi nisa ba tafin hannunta ya yi bororo, ta ci gaba ba ta faɗa ba, har Kulu ta lura da yadda take riƙon.

"Kawo hannun na gani." Ta duba a hasken fitila. "Ajiye. Je ki yi ashamki ki kwanta."

"Inna, ke kaɗai za ki daka, ki tankaɗe, ki tuƙa, sannan ki tashi sahur? Yaushe za ki yi barci?"

Kulu ta jingina taɓarya a jikin turmi. Shekara talatin ita ke tashin gidan nan sahur. Bara a ranar farko gajiya ta kwashe ta, gidansu kuma a ƙarshen gari yake, kiran ladan na farko ba ya isowa sosai tun da batirin lasifika ya mutu. Sai da gari ya yi haske suka farka, kowa ya yi ɗore, suka wuni ba ci ba sha a cikin zafin bazara. Har yanzu abin yana ranta. Ta riga ta yanke cewa bana ba za ta runtsa ba sai an yi sahur.

"Mu raba," in ji Luba. "Ke ki tuƙa ki kwanta. Ni zan kwanta yanzu, in tashi ƙarfe huɗu in yi ɗumame in tashe ku. Na kai wayata caji jiya, zan sa ta buga."

"In ba ta buga ba fa?"

"Za ta buga, Inna."

Kulu ba ta yarda da wayar ba, amma ta ce to. Ta daka, ta tankaɗe, tsakin da ya rage ta ajiye don dambun gobe. Ta tuƙa tuwo ta kwashe, ta kaɗa miyar kuka, ta jiƙa tsamiya da geron kunu, ta cika randa. Malam ya dawo ya tuna wa kowa niyya ya shige ɗaki. Ita ma ta yi sallolinta, ta zauna a kan sallaya da carbi, da nufin ta zauna a farke ko da yarinyar ta makara.

Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba, sai jin hannu ta yi a kafaɗarta.

"Inna, tashi. Sahur."

Ta zabura ta dubi sama. Duhu ne sosai, taurari na nan. A tsakar gida wuta na ci a murhu, an shimfiɗa tabarma, tuwo na tururi a kwano, ga kunu mai zafi da aka jefa wa mazarƙwaila. Malam har ya wanke hannu.

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu da rabi. Akwai sauran lokaci."

Kulu ta zauna ta ɗanɗana miyar. An ƙara mata ruwa daidai, ba ta tsinke ba. Suka ci a natse, suna jin ƙarar kwanuka daga maƙwabta. Wayar Luba ta yi ƙara, Muntaka ne yake tambaya ko sun tashi, ya ce shi burodi da shayi ya samu a tasha. Luba ta ce masa su tuwon dakan hannu suke ci, ya ce to yau sai ya zo shan ruwa ko da a ƙafa ne.

Malam ya sha ruwa moɗa biyu, ya ce kowa ya ƙara, don ranar yau ba ta wasa ba ce. Can daga nesa muryar ladan ta taso da kiran assalatu. Suka ajiye moɗa.

Kulu ta miƙe za ta yi alwala, sai ta tsaya ta dubi Luba da ke tattara kwanuka da hannu ɗaya.

"Bar su, ni zan wanke. In kin yi salla ki shafa man kaɗanya ki koma barci har hantsi. Daga yau sahur naki ne, buɗa-baki nawa."

"To, Inna. Amma ni zan soya ƙosan."

"Sai na ga hannun tukuna," in ji Kulu, ta ɗauki buta.