Tukunyar Filasko

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, gidan Malam Mijinyawa da ke Liman Abaji ya manta da koko. Ɗansa Lawal akawu ne a Jos, duk ƙarshen wata yana zuwa Keffi da kwalin madara da buhun farar shinkafa, sai karin kumallo ya koma shayi da burodi, rana shinkafa, dare ma shinkafa. Wake da miyar kuka suka zama abincin waɗanda ba su waye ba. Zubaidatu matar Lawal, wadda ke riƙe da girkin gidan, ita ma ta ɗan ɗaga kai a unguwa, ba za a yi mata ƙarya ba.

Cikin Madina ne ya fara nuna bai yarda da wayewar ba. 'Yar Lawal da Zubaidatu ce mai shekara biyar. Sai ta yi kwanaki ba ta zagaya ba, in abin ya matso ta laɓe bayan ƙofa, ta harɗe ƙafafu tana matsewa, don ta san in ya fito zai yi zafi. Wata da watanni ana haka. Ga wandonta kullum da ɗan ɓaci, har Zubaidatu ta ɗauka zawo ne ta hana ta lemo.

Wata ranar kasuwa ta haɗu da Filomina, nas ce a asibitin gari, a Sabon Gari take zaune, wajen Zubaidatu take sayen man gyaɗa. Da Zubaidatu ta ba ta labarin Madina, Filomina ta saurara, ta ce ba zawo ba ne, kashi ne ya taru ya yi tauri, mai ruwa-ruwan yake zagayowa ta gefensa. Riƙewar da yarinyar ke yi ita ke ƙara busar da shi. Ta sa aka kai Madina asibiti aka ba ta maganin da ke tausasa bayan gida, ta ce a mayar da wake da ganye da gwanda, a ba ta ruwa sosai, a ɗora ta kan fo bayan kowane cin abinci ba tare da tsawa ba. Suna fita ta ƙara da cewa wannan mai sauƙi ne. Wanda ba a zama da shi a gida shi ne in an ga jini, ko mutum yana ramewa, ko ciki ya kumbura ana amai, musamman ga babba da abin ya same shi da girma alhali da can lafiya lau yake zagayawa.

Madina ta warware sannu a hankali. Zubaidatu kuwa ta zama likitar zaure da tsakar gida, duk matar da ta shigo sai ta fita da wa'azin wake.

Malam Mijinyawa ne kawai wa'azin bai yi wa amfani ba, ga shi shi ma cikinsa ya ɗaure. Tsohon ya jima yana sa a dafa masa filasko, ganyen nan mai wanke ciki. Yana yi wa jikarsa tsiya, wai amaryarsa Madina ce ta shafa masa cutarta don kishi. Ya ci waken, ya ci gwandar, ya sha ruwan. Amma tukunyar filasko da a da take hawa murhu jefi-jefi ta koma kusan kullum. Kwanon tuwonsa yana dawowa da fiye da rabi. Da Zubaidatu ta wanke wandonsa ta ga ya yi wa mazagin sabon ƙulli can ciki. Sannan wata safiya tana wanke bakin masai bayan fitowarsa, ta ga jini, mai duhu, haɗe da majina.

Ta san abin da ta gani, ba ta yi kokwanto ba ko kaɗan. Matsalar ita ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba. Daga bayan labule take gaishe shi, a durƙushe. Matar da ba ta iya shan ruwa a gabansa, ita ce za ta yi masa maganar masai? Uwargidansa ta rasu tuntuni. Zubaidatu ta faɗa wa Lawal da ya zo, ya shiga wajen uban da niyyar magana, suka ɓige da hirar farashin siminti, ya fito yana sosa ƙeya, ya hau mota ya koma Jos.

Sai ta bi ta Madina, tunda jika ba ta da shamaki da kakanta. Ta koya mata abin da za ta ce. Yarinyar ta haye cinyarsa ta ce angon nata ya rame, ita ba ta son ƙashi, ya je asibiti ko ta sake shi. Malam ya yi dariya har da tari, ya ba ta alewa, ya ce ai ita ce ba ta iya girki ba. Bakin jika yana iya faɗin komai, amma ba wanda ke ɗaukarsa da gaske. Haushi ya hana Zubaidatu cin abinci ranar.

Da sassafe bayan kwana biyu ta ji shi yana amai a bayan ɗakinsa. Jim kaɗan Madina ta zo da saƙo, wai a dafa filasko, a ninka ganyen.

Zubaidatu ta ɗauko tukunyar ta riƙe. Ta tuna Filomina ta ce in hanya ta toshe, maganin wanke ciki ba ya buɗe ta, murɗa hanjin kawai yake yi a kan abin da ya tare. Tsoro ya kama ta, na maganar da za ta yi da na rashin yinta, amma na biyun ya fi girma. Ta gyara mayafi, ta wuce labulen da ba ta taɓa wucewa ba, ta durƙusa ta ajiye tukunyar a gabansa, babu komai a ciki.

Yana kishingiɗe, hannu a kan cikin da ya yi tim, sauran jikin kuwa duk ya zube. Ya dubi tukunyar, ya dube ta.

"Baba, ka gafarce ni, ba zan dafa ba," ta ce. "Ciwonka ba irin na jikarka ba ne. Ni nake wanke masai, na ga jini. Ka rame, yau ga amai. Yaushe rabon da ko iska ta fita?"

Ta shirya wa komai, har da a ce ta tattara kayanta ta tafi gidansu. Da Malam Mijinyawa ya buɗe baki, muryarsa a ƙasa take, babu faɗa a ciki. Ya ce tun shekaranjiya. Ya ce jinin kuwa tun kafin azumi yake ganinsa, kuma abin da ke fita ya sirance kamar igiya.

Ta ce yanzu za a tafi, ba gobe ba, kada ya ci komai kada ya sha. Ba ta jira izini ba ta aika maƙwabta a kira Ubale mai tasi, ta ce in sun isa a nemo Filomina, a kuma buga wa Lawal waya ofis. Ta ɗauko masa babbar riga da hula da kanta.

Yana ƙoƙarin tashi ya kasa. Ta tsaya, hannunta a sake, don ko a mafarki ba ta taɓa taɓa shi ba. Shi ne ya miƙo nasa.

"Kama ni, 'yar nan," ya ce. "Duk gidan nan ana ganina ina ƙarewa, kunya ta hana kowa tambaya. Ni ma ita ta hana ni faɗa."

Ta kama shi. Bai kai nauyin tulun ruwa ba.