Waƙar Kaka a Bakin Yara

Tun da mantuwa ta kama Inna, duk wanda ya shigo ɗakinta baƙo ne, har 'ya'yan cikinta. Auta ce kawai ta sami ƙofar shiga. Za ta zauna a bakin gado ta rera waƙar tuba da kakanta, mahaifin Inna, ya rubuta, wadda Inna ta koya mata da ka tun ba ta iya ɗaura zani ba. Kafin a kai baiti na uku sai tsohuwa ta ɗago kai ta ce, "Auta, ke ce? Kin ci abinci?" Minti biyar, wata rana goma, Auta tana da uwa.

Auta malama ce a firamare, kuma malamai ba sa ganin abu mai kyau su ƙyale shi. Ta kai wa 'yan aji biyar waƙar, suka haddace tsaf, amma da ta tambayi ma'anar "ƙalbi" sai wata yarinya ta ce wataƙila sunan gari ne. Abin ya ci mata rai. Ta ɗauki alkawari za ta sabunta tsofaffin kalmomin, baiti arba'in, ba tare da ta taɓa abin da Kaka yake nufi ba.

Aikin da ta zata na mako guda ne ya cinye wata uku. A ɗakin malamai take yi, kan teburin da ƙafarsa ɗaya ke rawa, tana buga yatsa a gwiwa tana ƙirga gaɓoɓi, doguwa da gajera, don karin waƙa ba ya yafiya. "Haufi" ta mayar "tsoro", gaɓa biyu dogaye, ya zauna daram. Sai dai tsoron da yara suka sani na kare ne da allura, dole ta matsa wata kalma ta sa "tsoron Allah". "Ƙalbina" gaɓa uku ne, "zuciyata" huɗu, sai da ta cire wani "kuma" kafin ɗangon ya daidaita. "Kushewa" kuwa ta gagare ta: kowane baiti da "wa" yake ƙarewa, "kabari" zai karya amsa-amon. Ta bar ta yadda take, ta yi bayaninta a ƙasan shafi. Kowane gyara sai ta rera shi sau ashirin, ta gwada a kan yara, ta sake rerawa a hanyar gida. Ranar da idon yarinyar nan mai cewa sunan gari ne ya ciko bayan baitin tuba, Auta ta san ma'ana ba ta zube ba.

Duk wannan lokacin Inna tana gidan yayan Auta a wani gari, ana nema mata magani. Ranar da aka dawo da ita, Auta ta taso daga makaranta kai tsaye, da alli a hannun rigarta. Ta zauna a bakin gado ta fara. Baiti na farko lafiya. A na biyu harshenta ya ce "zuciyata". Ta koma baya, ya ce "tsoron Allah". Ta laluba tsohuwar kalmar, ta san tana nan, amma wata uku na maimaici sun kwanta a kanta.

Inna ta ɓata fuska. "Ba haka Baba ya faɗa ba. Wa ya koya miki?"

"Ke kika koya mini, Inna. Ni ce Auta."

"A'a, baiwar Allah. Auta ta iya."

Yayanta da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. "Malama guda, an kama ki da satar amsa." Ba wanda ya yi dariya, sai ya fita.

Ta kwana biyu tana tilawar tsohuwar waƙar, amma da ta zo gaban gadon sai sababbin kalmomi su riga tsofaffin fitowa, don su ne suka fi sauƙi, ita da kanta ta gyara su su zama haka. A rana ta uku ta haƙura, ta zo da kwafin tsohuwar waƙar da ta yi aiki da shi. Ta karanta baiti arba'in, babu kuskure ko ɗaya. Inna tana bi a hankali, tana gyaɗa kai, fuskarta ta saki. Zuciyar Auta ta cika da fata, ta ajiye takardar tana jiran a tambaye ta ko ta ci abinci.

Inna ta dubi takardar, ta dube ta, ta yi mata murmushin da ake yi wa baƙi.

"Allah ya yi miki albarka, kin iya karatu. Ina da 'ya, ita ba ta duba takarda. In kin gan ta ki ce mata na daɗe ina jira."