Gefen Ampli Ɗaya

A shekarar da kogi ya janye har yara suna taka ƙasansa a unguwar Saga, Sama'ila ya yi wa mahaifinsa alkawarin da ya fi ƙarfin bakinsa. Ya ce ranar auren ƙanwarsa Rebeka kowa zai ji muryar Baba, na cikin gida da na waje.

Mahaifin nasa, Malam Yakubu, bai so zuwa ba. Fari ya cinye masa shanu kaf a ƙauyensu na wajen Dogon Dutsi, ciwon maƙogwaro kuma ya cinye muryar da ya yi shekaru yana jan waƙa da ita a majami'a. Yanzu sai ka kai kunne bakinsa kafin ka ji abin da yake faɗa. A al'adarsu uba ne ke tsayawa gaban jama'a ya ba da 'yarsa da bakinsa, ya faɗi abin da ya haɗa mata. Tsohon ya ce mutumin da ba shi da saniya ba shi da murya, gara ya zauna a ɗaki, kawun ango ya yi magana a madadinsa. Rebeka ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Likita kuwa ya riga ya gaya wa Sama'ila a gefe cewa kada su sa rai da wata damina.

Gyaran rediyo Sama'ila yake yi a Zongo, kuma duk abin da ya mallaka na sauti shi ya kwaso: tabur ɗin haɗa sauti ƙarami, ampli mai ƙara ƙarfin sauti, mai gefe biyu, da bafal biyu, wato manyan lasifika, masu ma'aunin om takwas takwas. Tun da hantsi ya haɗa su a gidan Gwaggo Dabora, ƙanwar Baba, inda za a yi taron. Mikiro, abin magana, ya shiga tabur. Daga tabur siririyar waya mai rufi ta tafi ampli, daga ampli kuma waya mai kauri ta tafi bafal, ja kan ja, baƙi kan baƙi, bafal ɗaya a kowane gefe. Ya gwada, ya ji daidai, ya kashe, ya ce kada kowa ya taɓa. Sannan ya tafi ɗauko Baba.

Kada kowa ya taɓa! Ai kamar ka ce da kaza kada ta taɓa tsaba.

A hanyar dawowa sojoji suka tsayar da taksin a shinge, suka buɗe but, suka duba katin kowa a tsanake kamar babu mai aure a duniya. Ga izinin taron da hukuma ta bayar ya ce kafin rana ta faɗi a watse. Sama'ila ya zauna yana kallon inuwar motar tana tsawo, Baba na jingine da kafaɗarsa, ba nauyi.

Tun daga ƙofar gida ya ji warin ƙonewar waya. Wanda ya taɓa aikin rediyo ba ya manta shi.

Abin da ya faru ba mugunta ba ne, shi ya sa ma ya fi ciwo. Mutanen ƙauyen Baba da yunwa ta koro, waɗanda suka kafa bukkokin kwali da buhu a bayan gari, sun ji labarin auren, suka zo. Ba su shiga ba, don kayan jikinsu ba na shiga taro ba ne. Suka zazzauna a bayan katanga har bakin hanya. Ibrahim, mai jan ƙungiyar mawaƙa, ya ji tausayinsu, ya aika aka ɗauko lasifika biyu na majami'a, ya ɗora su bisa katanga, ya murɗe wayoyinsu duka a gefen hagu, kan bafal ɗin da ke wurin. Ya kunna, mawaƙa suka fara gwaji da ƙarfinsu. Da fizibul na gefen, wanda ke yanke wuta in kaya sun yi yawa, ya ƙone, sai ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba ya mayar. Bayan waƙa ɗaya hayaƙi ya tashi, ya fizge wayar wuta.

Ibrahim yana tsaye yana rantsuwa cewa shi alheri ya nufa. Sama'ila bai ko kalle shi ba, don da ya kalle shi da an yi abin kunya a gidan biki. Lasifika uku masu om takwas a jere kan gefe ɗaya, lissafin ya sauka ƙasa da om uku, ampli kuwa a bayansa an rubuta ƙarara kada a sauka ƙasa da huɗu. Fizibul ɗin ya yi aikinsa, aka toshe masa baki.

Ya durƙusa ya kwance murfin ampli. Gefen hagu ya tafi, baƙi ƙirin. Ya zare fizibul na wannan gefen gaba ɗaya don kada mushen ya ja mai rai. Gefen dama yana nan. Ya cire batir daga tocila ya dangwala wa wayar kowace lasifika, yana sauraron ɗan ƙwas ɗin da take yi. Duk huɗun suka amsa.

Saura gefe ɗaya, ga lasifika huɗu, ga jama'a kashi biyu.

Kawun ango, wani babban ma'aikaci ɗan Maraɗi, ya zo ya tsaya kansa. Ba da faɗa ya yi magana ba. Ya ce a haɗa bafal biyun na cikin gida kawai a wuce wurin, rana tana tafiya, in kuma abin ya gagara shi zai ba da amarya da sunan Malam Yakubu, muryarsa ba ta bukatar na'ura. Maganarsa gaskiya ce, bafal biyu a gefe ɗaya om huɗu ne, ampli zai ɗauka. Sama'ila ya waiwaya. Baba yana zaune a kujera bakin ƙofa, ba ya kallon baƙi masu manyan riguna. Ta ƙofar yake kallon waje, inda tsofaffin da suka yi kiwo tare suke zaune a ƙasa.

"Kawu, a yi mini haƙuri kaɗan," in ji Sama'ila. "Na waje ma nasa ne."

Hanya ɗaya ce. In ya sarƙa bafal biyun, baƙin na farko ya shiga jan na biyu, za su zama om sha shida. Na majami'a ma haka. Sarƙa biyun in suka haɗu a gefe ɗaya, a koma takwas, nauyin da ampli zai ɗauka ba nishi. Ƙarfin zai rabu huɗu, kowace ta yi rauni, amma kowace za ta yi magana. Sai dai waya ta gaza. Wadda Ibrahim ya ja zuwa katanga siririyar wayar mikiro ce, ba a yi ta don ɗaukar ƙarfin ampli ba, har ta yi laushi don zafi. Zongo kuwa da nisa, ga shinge a tsakani.

Ya shiga ɗakin Gwaggo Dabora kamar ɓarawo. Idonsa ya faɗa kan doguwar wayar da take ja wa fanka da dutsen guga, mai kauri, mai jijiya biyu. Gwaggo ta shigo ta same shi da wuƙa a hannu. Nas ce, albashinta ne ke riƙe da gidaje uku a wannan shekara, kuma kowa ya san ba a wasa da kayanta. Ta dubi wayar, ta dube shi.

"Don Yaya ne?"

"Don shi ne, Gwaggo."

Ta karɓi wuƙar ta yanke da kanta, ta ce ya ɗauki ta jikin fankar ma in ba ta isa ba.

Ya feƙe bakin wayoyin da haƙori. Gumi na shiga masa ido, mata na leƙowa suna tambaya ko an fasa, fasto na duba agogo yana yin kamar ba ya dubawa. Jijiyoyin sabuwar wayar ba ja da baƙi ba ne, don haka ya sake dangwala batir yana kallon ko takardar lasifikar ta turo gaba ko ta ja baya, ya ƙulla alama, don in ɗaya ta juye za ta riƙa cinye sautin 'yar'uwarta. Ya karkatar da sautin mikiro gaba ɗaya zuwa dama a kan tabur. Ya sauke ƙarar komai ƙasa. Ya kunna tabur, sannan ampli. Fitila ta kama, ba hayaƙi.

Aka kawo Baba, Rebeka na riƙe da hannunsa. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Sama'ila ya ƙara sauti, ya ƙara, sai bafal suka kwarara ihu mai tsaga kunne, yara suka toshe kunnuwa, wani ya yi dariya. Tsohon ya saki mikiro ya juya zai koma kujerarsa. Sama'ila ya san in Baba ya zauna ba zai sake tashi ba.

Ya sauke sautin ya ruga. An tsayar da Baba ne a gaban bafal, mikiro yana jin abin da suke fitarwa yana mayar musu. Ya janyo shi baya har ya wuce layinsu, ya juya bakinsu ga jama'a, ya ɗauki mikiro ya sa a hannun Rebeka, ya ce ta manna shi da leɓen Baba, kada ta bari ya matsa. Ya koma ya rage sirarin sauti, ya ɗaga a hankali har inda ya ji ihun zai dawo, ya ja baya kaɗan. Ya ɗora tafin hannunsa kan ampli. Da ɗumi. Ibrahim, ba wanda ya sa shi, ya durƙusa da faifai yana yi wa ampli fifita.

Da farko numfashi aka ji, mai kaushi, ya cika gidan. Sannan murya, ƙarama, amma tasa.

Bai yi doguwar magana ba. Ya ce tun ranar da aka haifi Rebeka ya ware mata karsana, ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, Goje, Fara, Kyalla, ya faɗi inda kowace ta faɗi. Ya ce yau ya zo hannu wofi, ga 'yarsa ya ba da ita, a riƙe ta da mutunci, don ba daga gidan banza ta fito ba. Kawun ango ya sunkuyar da kai ya cire tabarau.

Sai tsohon ya ɗan juya kansa wajen katanga, Rebeka ta bi shi da mikiro tana hawaye.

"Na waje, kuna ji na?"

Sama'ila ya kafa wa fitilar ampli ido, ya kasa ɗaga kai. Bai sami damar fita ya saurari na katanga ba, bai san ko suna magana ba.

Daga can bakin hanya wata tsohuwar murya ta taso, ta wani da suka yi kiwo tare.

"Muna ji, Yakubu. Ka manta da Baƙa, mai karyayyen ƙaho."

Baba ya yi wata dariya da ba wanda ya ji irinta tun bara, ta fita ta lasifika huɗu. Ya matso da bakinsa ya ƙara sunan.